Amosani, Kora ko Soriyasis? Yadda Ake Gane Abin da Ke Damun Fatar Kai

Duk wanda ya ga farin gari yana zubowa daga kansa zuwa kafaɗar riga, abin da zai fara cewa shi ne amosani ya kama shi. Sau da yawa kuwa ya faɗi daidai, domin amosanin kai ya fi kowace matsalar fatar kai yawa a cikin manya. Amma akwai wasu cututtuka biyu da su ma suke sa fatar kai ta riƙa ɓarewa tana ƙaiƙayi, kuma maganinsu ya sha bamban da na amosani. Ɗaya ita ce kora, wato makeron da ke kama fatar kai da gashi. Ɗayar kuma ita ce wadda likitoci ke kira soriyasis. Amosani yana jin shamfu. Soriyasis tana buƙatar magani mai kwantar da kumburin fata da kulawar likita na tsawon lokaci. Ita kuwa kora ba ta warkewa sai an sha magani ta baki na makonni, kuma tana yaɗuwa daga kai zuwa kai. Idan aka ɗauki kora a matsayin amosani aka yi ta wanki da shafe-shafe, yaro zai iya tashi da tabon da gashi ba zai sake tsirowa a kansa ba. Wannan ne ya sa nake ganin ya kamata kowace uwa, kowane malamin tsangaya da kowane mai aski su san bambancin.

Tambayar farko: shekarun mai kan nawa?

Kafin a duba fatar kanta, a fara da shekaru. A fatar kai akwai ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo, kowace a gindin gashi. Suna aiki a watannin farko na jariri, sannan su yi shiru tsawon yarinta, sai lokacin balaga su farka da ƙarfi. Wannan maiƙo shi ne ya raba amosani da kora gida biyu.

A fatar kowane baligi akwai wata ƙwayar halitta mai suna Malasiziya, daga dangin fangas, wato dangin su funfuna. Ba baƙuwa ba ce, kuma ba a ɗaukar ta a matsayin cutar da wani ya shafa wa wani. Abincinta maiƙon fata ne. Idan ta ci, takan bar wani ragowar mai da ke fusata fatar wasu mutane, sai fatar ta riƙa sabunta kanta da gaggawa, matattun ƙwayoyinta su manne da juna su zubo a dunƙule har ido ya gan su. Wannan shi ne amosani. Tunda da maiƙo yake rayuwa, yakan fara ne daga balaga, ya fi damun samari da magidanta, kuma an ƙiyasta cewa kusan rabin manya a duniya suna fama da shi a wani lokaci na rayuwarsu. Jarirai ma kan yi irinsa a watanni uku na farko, wani ɓawo mai maiƙo ruwan ɗorawa a tsakiyar kai, wanda yakan tafi da kansa.

Ita kora akasin haka take. Ƙwayoyin fangas da ke kawo ta, dangin Tirikofaiton da Maikurosforom, gashin da kansa suke ci, kuma maiƙon da fatar baligi ke fitarwa yana hana su sakewa. Shi ya sa kora ta fi kama yara daga shekara 3 zuwa wajen 14, shi ya sa kuma wasu yaran take sakinsu da kanta idan sun balaga.

Daga nan ƙa'ida mai amfani ta fito. Yaron da ya wuce yaye amma bai balaga ba, idan kansa yana zubar da gari yana ƙaiƙayi, kada a yi saurin cewa amosani ne, domin a shekarunsa babu isasshen maiƙon da zai ciyar da amosani. A ɗauka kora ce har sai an duba an tabbatar ba ita ba ce. Shi kuwa baligi, amosani ne ya fi kusa, sai soriyasis. Kora takan kama manya jefi-jefi, musamman matan da suka daina al'ada da mutanen da garkuwar jikinsu ta yi rauni, amma ba ita ake fara zargi ba.

Yadda amosani yake a ido

Garin amosani sirara ne, fari ko mai ɗan ruwan ɗorawa, wani lokaci busasshe, wani lokaci mai maiƙo da ke manne wa farce. Yana warwatse ne a ko'ina cikin kai, ba shi da iyakar da za ka nuna da yatsa ka ce daga nan ya fara, a nan ya tsaya. Idan ka buɗa gashin za ka ga yana nan yadda yake, bai karye ba, bai zube ya bar fili ba. Ƙaiƙayin yana zuwa yana tafiya, yakan ƙaru lokacin hunturu, ko idan mutum ya gaji, ko yana cikin damuwa, ko an daɗe ba a wanke kai ba.

Idan ya yi tsanani yakan sauko fuska, kuma wuraren da yake zaɓa suna tona asirinsa, domin duk masu maiƙo ne: gira, gefen hanci biyu, cikin gemu da gashin baki, bayan kunne da cikinsa, wani lokaci tsakiyar ƙirji. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Abin da ake gani shi ne wurin ya ɗan yi haske fiye da sauran fuska, da ɗan gari a kansa, har mutane su ce kyasbi ne. Hasken yana komawa daidai bayan an yi magani.

Maganin ba shi da wuya, amma mutane da yawa suna yin sa ba daidai ba. Shamfu mai ɗauke da ketokonazol kashi 2 cikin 100, ko mai seleniyom salfaid, ko mai zinki, shi ne ginshiƙi. A fatar kai ake cuɗa shi da tafin yatsu, gashin ba shi ne majiyyacin ba. Sannan a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye. Wanda ya shafa ya ɗauraye nan take bai ba maganin lokacin aiki ba. Ana yin haka sau biyu a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, idan ya lafa a koma sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Amosani ba ya warkewa gaba ɗaya, domin ƙwayar tana zaune a fata har abada. Ana danne shi ne kawai, kuma idan aka daina yakan dawo. Dawowar ba alama ba ce ta cewa maganin jabu ne.

Ga mata akwai ƙarin magana. Kitson da zai yi mako uku ko wata guda ba a kwance ba, ga ɗankwali ko hijabi da zufa, ga mai da ake ƙarawa a tsagar kitso duk bayan kwana biyu don kashe ƙaiƙayi, duk wannan yana tara abin da Malasiziya ke so. Man yana kwantar da garin ya ɓoye shi na yini ɗaya, amma irin su man zaitun abinci ne gare ta. Mai amosani ta shafa mai a jikin gashi da bakinsa don kada ya bushe ya karye, ta bar fatar kai. Idan wanki sau biyu a mako ya yi mata yawa, ta yi sau ɗaya ta bar shamfun ya ɗan daɗe, kuma ta rage tsawon kwanakin kitso har sai abin ya lafa.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Baligin da amosani ya taso masa farat ɗaya da tsanani, ya mamaye kai da fuska da ƙirji, ya ƙi jin magani, ya dace ya yi gwajin ƙanjamau, domin raunin garkuwar jiki yana sa wannan ƙwaya ta yi ƙarfi. Masu cutar Fakinsan, mai sa makyarkyatar hannu, su ma sukan yi fama da shi sosai.

Soriyasis: ɓawo mai kauri, mai iyaka

Soriyasis ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗaukar ta ta hula ko aska ko kwanciya tare. Garkuwar jikin mutum ce ke tunzura fatarsa. A ka'ida fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin sabuwar ƙwaya ta taso daga ƙasa ta kai sama ta zube. A wurin da soriyasis ta kama, wannan tafiya takan ƙare cikin 'yan kwanaki, ƙasa da mako guda. Ƙwayoyin ba sa samun damar nuna, sai su taru a kan juna su yi tudu. Tana bin jini, don haka sau da yawa za a samu wani a dangi mai irin ta. Ba ta da yawa a Afirka ta Yamma kamar yadda take a Turai, kuma ina ganin wannan yana cikin dalilan da ke sa masu ita a wajenmu su yi shekaru ana ba su maganin makero ko na amosani. A shekarar 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ita a matsayin cuta mai tsanani wadda ba ta yaɗuwa, kuma ranar 29 ga Oktoba ce ranar tunawa da ita a duniya.

Alamarta ta farko ita ce iyaka. Idan ka bi da yatsa za ka ji inda lafiyayyar fata ta ƙare, tudun ya fara. Ɓawon da ke kai busasshe ne, mai kauri, fari ko ruwan toka mai ɗan sheƙi, yana ɓamɓarowa a faffaɗe. Littattafai da yawa suna cewa fatar da ke ƙarƙashi ja ce, amma wannan siffar farar fata ce. A tamu fatar wurin yakan yi duhu ne, ruwan ƙasa mai duhu ko mai ɗan shuɗi-shuɗi. Idan aka kankare ɓawon har ƙasa, sai a ga ɗige-ɗigen jini ƙanana sun fito, abin da amosani ba ya yi sai dai in an yi susa har an ji rauni. Ba ina cewa a kankare don gwaji ba, amma mai ita yakan ba da wannan labari da kansa.

Alama ta biyu, tana ƙetare layin gashi. Za ka gan ta ta sauko goshi kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ko ta fito a ƙeya ƙasa da inda gashi ya tsaya, ko ta zagaye bayan kunne har wurin ya tsage. Gashin da ke cikin tudun yawanci yana nan, yana ratsa ɓawon ya fito. Yakan ragu idan ana yawan ɓamɓara, amma yana dawowa.

Alama ta uku ba a kai take ba, kuma ita ce aka fi mantawa. A duba bayan gwiwar hannu, da gaban gwiwar ƙafa, da ƙasan gadon baya, da cibiya. Idan akwai irin wannan tudu mai ɓawo a ɗaya daga cikinsu, magana ta kusa ƙarewa. A kuma duba farce: ƙananan ramuka kamar an soka da tsinin allura, ko farce ya yi kauri, ko bakinsa ya rabu da nama. Sannan a tambayi mutum ko gaɓoɓinsa suna ciwo, ko yana tashi da safe a sandare sai ya yi motsi na ɗan lokaci kafin ya warware, ko wani yatsa ya taɓa kumbura gaba ɗaya. Har zuwa kusan mutum 3 cikin 10 na masu soriyasis sukan samu ciwon gaɓoɓi irin nata, wanda ke lalata gaɓa idan aka bar shi. Don haka mutumin da ya zo da kukan garin kai, wata rana abin da ya fi buƙata shi ne a ceci yatsunsa.

Tana da wata ɗabi'a kuma, takan fito a duk inda aka ji wa fata rauni. Kaifin aska, kitso mai tsauri, man miƙar da gashi da ya ƙona fata, susa da tsinin mataji, duk suna iya haifar da sabon tudu a wurin bayan mako ɗaya ko biyu. Damuwa, shan taba, giya, ciwon maƙogwaro da wasu magunguna kamar kulorokwin su ma suna tayar da ita.

Maganinta mataki biyu ne. Da farko a tausasa ɓawon da abin shafawa mai sinadarin salisilik ko shamfu mai kwalta, domin magani ba ya ratsa ɓawo mai kauri. Bayan haka a sa ruwan magani mai sitiroid irin su betametazon, wani lokaci haɗe da kalsifotiriyol, na 'yan makonni bisa umarnin likita. Idan ta bazu a jiki ko ta taɓa gaɓoɓi, akwai magunguna na sha kamar metotirekzet, waɗanda sai da gwajin jini ake ba da su. Abin da nake roƙon mai ita ya guje wa shi ne ƙwayoyi ko allurar sitiroid da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Suna share fatar cikin kwanaki, amma idan aka daina cutar takan dawo fiye da da, wani lokaci da ƙuraje masu ruwa a duk jiki har a kwantar da mutum a asibiti.

Wani lokaci amosani mai tsanani da soriyasis mara tsanani suna kama da juna har likitan fata ma ya yi jinkirin yanke hukunci. A irin wannan hali, wata guda na shamfun ketokonazol da aka yi yadda ya kamata yana taimakawa: amosani zai lafa sosai, tudun soriyasis kuwa zai tsaya inda yake.

Kora: a dubi gashin kansa

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin ita ce ta fi yawa a yaranmu, ita ce kuma aka fi rainawa. A tsangayu, makarantun kwana da gidaje masu yara da yawa, inda ake aske kawuna goma da aska ɗaya ko kilifa ɗaya, ake musayar hula, ake kwana kai da kai a tabarma ɗaya, kora tana samun hanya a buɗe. Irin da suka fi yawa a Afirka ta Yamma daga mutum zuwa mutum suke tafiya. Akwai kuma waɗanda ake ɗauka daga kyanwa, kare ko ɗan maraƙi, kuma su ne suka fi sa kumburi. Ƙwayoyinta suna iya yin watanni da rai a jikin mataji, hula ko matashin kai.

Abin da ya bambanta ta da sauran biyun shi ne tana lalata gashi. Ƙwayar tana bin ramin gashi ta shige cikin silin, ko ta lulluɓe shi, ta ci shi har ya rasa ƙarfi ya karye. Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara 7, mai nauyin kilo 20, wanda uwarsa ta lura da wani fili zagayayye a gefen kansa mako biyu ko uku bayan askin Sallah. Idan aka kai shi haske aka duba da kyau, filin ba sumul yake ba. Akwai gari ruwan toka a kansa, kuma gashin wurin ya karye ya bar guntaye gajeru marasa sheƙi. A wasu yaran gashin yakan karye daidai da fata, sai a ga baƙaƙen ɗigo a filin. Idan aka kama guntun gashi aka ja, yakan fito ba tare da zafi ba. Sai a shafa ƙeyar yaron da bayan kunnensa: sau da yawa za a ji kaluluwa, 'yan ƙulluttai masu motsi a ƙarƙashin fata. Yaro mai garin kai, da karyewar gashi, da kaluluwa a ƙeya, kusan tabbas kora ce. Amosani ba ya kawo wannan haɗin.

Matsalar ita ce ba kullum take fitowa a zagaye ba. Akwai irin da ke bazuwa a duk kai a matsayin gari kawai, gashin bai zube sosai ba, musamman a kan yarinya mai kitso inda ba a ganin fata. Wannan ita ce ake yi wa laƙabin amosani har shekara ta zagayo, tana kuma rarraba wa ƙanne da abokan wasa. A nan ne ƙa'idar shekaru take aiki.

A asibiti tabbatarwa ba ta da wuya. Ana kankaro ɗan gari a tsige guntayen gashi daga gefen filin, a ɗiga musu wani ruwa mai narkar da fata, a duba a madubin likita, a ga ƙwayoyin a ciki ko a jikin silin. Ana iya shuka su a ɗakin gwaji don a san irinsu, amma wannan yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, don haka idan alamun sun bayyana likita ba ya jira. Akwai kuma wata fitila da ake haskawa a ɗaki mai duhu, wasu irin kora su yi hasken kore. Yawancin dangin Tirikofaiton ba sa haskawa, saboda haka rashin hasken ba ya wanke yaro.

Me ya sa man shafawa ba ya warkar da ita, alhali yana warkar da makeron hannu ko na wuya? Domin cutar tana cikin silin gashi da can ƙasan raminsa, kamar ƙwaron da ke cikin ƙwayar wake, wanda wanke buhu ba ya taɓa shi. Sai maganin da ya bi jini ya shiga sabon gashin da ke tsirowa. Tsohon magani da har yau ake dogara da shi shi ne girisiyofulbin, wanda aka fara amfani da shi a 1958. Kafin zuwansa, a ƙasashe da dama har hasken ekisire ake haska wa kan yara don gashin ya zube gaba ɗaya. Likitoci sukan ba da miligiram 20 zuwa 25 a kan kowane kilo na nauyin yaro a rana. Ga yaronmu mai kilo 20, wannan ya kama miligiram 400 zuwa 500 kullum, na mako 6 zuwa 8. Dole a sha shi da abinci mai maiƙo, kamar madara, nono mai maiƙo, ƙwai ko miyar gyaɗa, domin hanji ba ya tsotse shi sosai a cikin da babu komai. Akwai kuma tabinafin, wanda yawanci mako 4 ake sha, kuma ya fi aiki a kan Tirikofaiton, yayin da girisiyofulbin ya fi a kan Maikurosforom. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don uwa ta san tsawon tafiyar, amma awon na likita ne bayan ya auna yaron. Mai juna biyu ba ta shan girisiyofulbin, yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, namijin da ya sha shi kuma ana ba shi shawara ya jinkirta neman haihuwa na wata 6.

Inda aka fi faɗuwa shi ne mako na biyu ko na uku. Ƙaiƙayi ya tsaya, gari ya ragu, kuɗin magani kuma ya ƙare, sai a daina. Amma gashin da ke ɗauke da cutar bai gama fita ba, bayan wata guda sai ta dawo. Wani abin da ke tsorata iyaye shi ne wasu yaran sukan fesar da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a fuska, wuya ko jiki kwanaki kaɗan bayan fara magani. Sau da yawa martanin jiki ne ga ƙwayoyin cutar, ba ƙin magani ba ne. A koma wa likita ya duba, kada a yanke hukunci a gida. Idan kuwa fuska ko leɓe sun kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ido ya yi ruwan ɗorawa, a tsayar da magani a tafi asibiti nan take.

Shamfun ketokonazol ko seleniyom yana da aiki a nan ma, sau biyu a mako, amma aikinsa rage yaɗuwa ne. Ya kamata a duba kan kowane yaro a gidan, domin wasu suna ɗauke da ƙwayar ba tare da alama ba, har da manya, kuma su ma su yi wankin. A wanke hula, ɗankwali da rigar matashi da ruwan zafi, a jiƙa mataji a ruwan bilic ko a sauya shi. Wanda yake da hali ya sayi kilifar gida. Mai aski kuma ya sani cewa goge bakin kilifa da auduga ba ya isa matuƙar guntayen gashi suna maƙale tsakanin haƙoranta, sai an kakkaɓe su tukuna a sa maganin kashe ƙwayoyi. Ba sai an aske kan yaron ƙwal ba, kuma da zarar ya fara shan magani zai iya komawa makaranta.

Abubuwa biyu ne suke mayar da kora mai sauƙi ta zama mai barin tabo. Na farko shi ne man nan mai haɗin magani uku da ake sayarwa a kowane kemis don kowane irin ƙaiƙayi. A cikinsa akwai sitiroid mai ƙarfi, wanda ke kashe ƙaiƙayi ya share garin, amma yana danne garkuwar fata, cutar ta ci gaba da bazuwa a ɓoye, siffarta kuma ta sauya har likita ya sha wuyar gane ta. Abin da ke taimakon soriyasis ke nan yake cutar da mai kora. Haka nan shafa kananzir, baƙin mai, ruwan batir ko toka mai kaifi ƙona fata kawai yake yi, ƙunar kuma tana kashe gindin gashi.

Na biyu shi ne kumburin da ke biyo baya a wasu yara. Filin ya tashi ya yi tudu mai laushi, mai zafi, yana tsattsafo da mugunya ta ramuka da yawa, gashin kansa yana fita da an taɓa. Kowa zai ce maruru ne ya nuna, a kai wa wanzami ya tsaga, ko a sayo maganin kashe ƙwayoyin bakteriya a yi ta sha. Amma ba jakar mugunya ba ce da za a huda ta zube. Jiki ne ke yaƙi da fangas da ƙarfin da ya wuce kima, tsagawa kuma ƙara tabo take yi. Maganinsa shi ne dai wancan na sha, a fara da wuri, wani lokaci a tsawaita shi, a riƙa jiƙa ɓamɓarokin da ruwan ɗumi ana cirewa a hankali. Idan aka fara cikin lokaci, gashi yakan dawo a yawancin yara, ko da yake sai an yi watanni kafin filin ya rufe. Idan aka bar shi ya daɗe, wurin yakan warke da fata sumul mai sheƙi wadda babu ramin gashi a cikinta, kuma babu man da zai tsiro da gashi a irin wannan wuri.

Fili sumul tun daga farko, wanda babu gari, babu ƙaiƙayi, babu guntayen gashi, wata cuta ce daban da garkuwar jiki ke jawowa, maganin kora ba ya yi mata komai. Farin abin da ya manne a jikin silin gashi, wanda ba ya faɗuwa idan aka kaɗa sai an ja shi da farce, ƙwan ƙwarƙwata ne. Gashin da ya janye daga goshi da gefen kunne a kan mai yawan kitso mai tsauri kuwa, jan da ake yi masa ne ya cire shi, kuma sassauta kitson tun gindin gashin yana da rai shi ne maganinsa.